Bayanin Taswirar Hanyoyin Sarrafa Abinci a Jiki, ga Ɗaliban Aji Biyu

Wannan taswira ta maye gurbin shafukan majigi 46 da aka raba muku a zangon da ya wuce. Na haɗe su a takarda ɗaya ne saboda abin da na gani a jarrabawar gwaji: da yawanku sun jero matakai goma na farfasa gulukos ba tuntuɓe, amma da aka tambayi abin da ke hana hanta ƙona kitse alhali tana cikin ƙera shi, sai aka yi tsuru-tsuru, domin rabin amsar na shafi na 12, rabi kuma na shafi na 38.

Ku fara daga sama, inda gulukos ke zama G6P. Nan ne mararraba: hanya ɗaya ta nufi ajiyar gilaikojin, ɗaya ta bi ta G6PD domin samar da NADPH, ta uku ta gangara zuwa fairubet. Jar kibiya tana nuna matakin da ba ya komawa baya, kuma daga gulukos zuwa fairubet guda uku ne kacal: HK, PFK-1 da PK. Sauran bakwai na rage musu girman rubutu da gangan.

PFK-1 ne ya fi cancantar lokacinku. ATP da sitiret suna taka masa birki, AMP da F-2,6-BP suna zaburar da shi, kuma wannan F-2,6-BP ɗin shi ne ke danne FBPase-1 da ke kan koriyar kibiya mai hawa sama, wato hanyar ƙera sabon gulukos. Idan mai azumi ya kai la'asar, gulukagon ya rage F-2,6-BP a hanta, sai gangara ta lafa, hawa ya buɗe. Ku lura cewa G6Pase na cikin akwatin hanta da ƙoda, babu shi a na tsoka, shi ya sa gilaikojin ɗin tsoka ba ya sakin gulukos cikin jini.

Layin ɗigo-ɗigo da ya kewaye mitokondiriya shi ne tsofaffin shafukan suka rasa. PDH yana mayar da fairubet acetyl-CoA, kuma daga nan babu komawa ga gulukos. Idan makamashi ya wadata, sitiret yakan tsallako waje ya tayar da ACC, wanda ke samar da malonyl-CoA, shi kuwa ya rufe ƙofar CPT-1 da kitse ke shiga ta cikinta a ƙona shi. Amsar waccan tambaya ke nan, a tazarar da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba.

Na sa tauraro a kan G6PD domin ƙarancinsa ya yawaita a Najeriya, kuma za ku sake haɗuwa da shi a asibiti idan an zo maganar firimakwin da fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Ku buga taswirar a takarda A3 mai launi, ku zo da ita darasin ranar Alhamis.