Tsarin kasuwanci: shagon intanet na zannuwan gado, barguna da tawul, shekarar farko

Abin da za mu sayar da abin da muke nema

Mu biyu ne masu wannan shago, kuma mun rubuta wannan takarda ne domin mai zuba jari da zai shigo na uku. Za mu sayar da zannuwan gado da rigunan matashin kai, barguna da tawul, ta shafinmu na intanet da WhatsApp Business. Mun zaɓi waɗannan kaya ne domin ba sa fashewa a hanya, ba sa lalacewa idan sun kwana a sito, kuma wanda ya ji daɗin na farko yakan dawo ya sayi na ɗakin yara ko na baƙi. Da kala 20 kawai za mu fara. Kala ta yi yawa, jari ya kwanta a kan kanta.

Ƙa'ida ɗaya ce ta riƙe duk tsarin: ba ma lissafa oda a matsayin ciniki sai kaya sun isa hannun mai su, kuɗi sun shiga asusunmu, kuma wa'adin mayarwa ya wuce. Duk alƙaluman da ke ƙasa a kan irin wannan oda aka gina su.

Saboda farashi yana motsi, mun ɗauki kuɗin matsakaiciyar oda ɗaya a matsayin 100, muka auna komai da shi. Hasashenmu ga kowace oda: sayen kaya 52, leda da kwali 3, jigila 10, ladan kamfanin karɓar kuɗi 2, tanadin asarar mayarwa 5, talla 13. Jimilla 85, saura 15. Hayar sito, albashin ma'aikata biyu, kuɗin shafi da data za su ci 3,000 a wata, don haka sai mun kai oda 200 a wata kafin shagon ya riƙe kansa. Muna sa ran kai wa nan a wata na shida, mu kai 350 a wata na goma sha biyu, inda ribar wata za ta kama 2,250.

Jarin da ake buƙata 30,000 ne: kayan farko 15,600, shafi da hotuna da kantoci 2,400, cike giɓin watanni biyar na farko 6,000, ƙarin kuɗin talla na lokacin gwaji 2,000, sai 4,000 ajiyar ko-ta-kwana saboda kuɗin da ke daɗewa a hannun kamfanonin jigila. Mun tanadi 12,000. Muna neman 18,000, a kan mallakar kashi 40 cikin 100 na shagon, tunda mu ne za mu riƙa yin aikin yau da kullum.

Jigila

Sito ɗaya za mu riƙe. Odar da aka tabbatar kafin ƙarfe biyu na rana za ta fita a ranar. Cikin gari masu babur ne za su kai, a cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Sauran garuruwa kamfanin jigila ne, kwana uku zuwa biyar, kuma abin da za mu rubuta a shafi ke nan ko da sau da yawa kayan za su riga haka isa. Za mu ƙulla yarjejeniya da kamfanoni biyu, mu raba musu aiki, domin ranar da ɗaya ya tsaya kada shago ya tsaya tare da shi.

Bargo ne ke da tarko. Kamfanonin jigila suna duba nauyin kaya a sikeli, su duba girman kwalin, su caji wanda ya fi yawa. Da dama daga cikinsu suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5,000. Bargo mai kilo 3 a kwali mai 60 da 50 da 30 zai zama kilo 18 a lissafinsu. Idan aka sa shi a ledar da ake zuƙe wa iska, kaurinsa ya koma santimita 8, lissafin ya sauko kilo 4.8. Saboda haka injin zuƙe iska yana cikin kayan da za mu saya tun ranar farko, kuma ba bargon da zai bar sito ba a matse shi ba.

Kafin a rufe kowane ƙunshi, ma'aikaci zai ɗauki hoton kayan tare da takardar oda. Aikin daƙiƙa kaɗan ne, amma shi zai raba gardama ranar da aka ce mun aiko shuɗi alhali toka-toka aka saya. Da zarar kaya sun fita, za a tura wa mai saye lambar bibiya da lambar wayar mai kai kaya.

Karɓar kuɗi

Hanyoyi uku ne: katin banki ta shafi, turawa ta asusu, da biya idan kaya sun iso.

Na kati zai bi ta kamfanin karɓar kuɗi mai lasisi. Lambar katin mutum ba za ta zauna a na'urarmu ba ko sau ɗaya, kuma za mu kunna 3-D Secure domin banki ya tabbatar mai katin ne da kansa. Dokokin Visa da Mastercard sun ba mai kati damar ƙalubalantar ciniki a bankinsa, galibi har zuwa kwana 120, don haka za mu adana shaidar isar kowace oda na tsawon wata shida. A turawa ta asusu kuwa, hoton rasit ba shaida ba ne. Sai ma'aji ya ga kuɗin a cikin asusun shago da idonsa sannan kaya su fita, ko da mai sayen ɗan'uwanmu ne.

Biya idan kaya sun iso shi ne wurin da muka fi daɗewa muna tattaunawa. Ba za mu iya rufe wannan ƙofa ba, domin wanda bai taɓa saye a wurinmu ba yana da gaskiya idan ya ce sai ya gani. Amma a dubi abin da oda ɗaya da aka ƙi karɓa take ci: kaiwa 10, dawowa 10, ƙunshi 3, tallar da ta kawo mutumin 13. Asarar 36 ke nan, ta haɗiye ribar oda biyu masu kyau har da ƙari, kuma zanen ya yi kwana goma yana yawo ba wanda zai iya sayensa. Shago yana iya cika da oda, masu shi suna murna, alhali wannan ramin yana cinye jarin a ɓoye.

Matakanmu su ne waɗannan. Duk mai son biya a ƙofa zai ba da kafin alƙalami na 10, daidai kuɗin kaiwa, a cire masa daga farashi. Za a kira shi a waya a tabbatar da adireshi da ranar da zai kasance a gida. Odar da ta haura 250 sai an biya ta gaba ɗaya. Wanda ya ƙi karɓa sau biyu ba tare da dalili ba, sai dai ya biya kafin a aika. Mun san kafin alƙalami zai kori wasu, kuma mun yarda da hakan, domin yawancin waɗanda zai kora su ne waɗanda da ma ba za su buɗe ƙofa ba. Wanda ya biya duka tun farko za mu rage masa 3.

Kuɗin da masu kai kaya suka karɓa mana dole su shigo asusu cikin kwana uku, kuma za a rubuta haka a yarjejeniya. Kowace yamma ma'aji zai gwada jerin odar da ta isa da kuɗin da suka shigo.

Mayar da kaya

Mai saye yana da kwana 14 daga ranar da ya karɓa, wa'adin da dokar Tarayyar Turai ta ba masu saye ta intanet, wanda muka ga ya yi adalci. Idan kuskuren namu ne, ko kayan suna da aibi, mu za mu ɗauko su da kuɗinmu, mu canza ko mu mayar da kuɗi cikin kwana biyar. Idan ra'ayi ya canza, zai biya kuɗin dawowa, kuma kayan su zo ba a wanke ba, ba a shimfiɗa ba. Tawul da rigar matashi da aka buɗe ledarsu ba sa dawowa sai da aibi, saboda tsabta.

Abu biyu ne za su fi jawo mayarwa: girma da launi. Za mu rubuta awon kowane zane da santimita, har da zurfin katifar da zai rufe, mu ɗauki hotuna da hasken rana ba tare da gyaran launi ba. A kowace oda 100 da ta isa, mun yi tanadin 8 da za a ƙi karɓa, asarar 13 kowace bayan cire kafin alƙalami da kuɗin talla da ake lissafawa daban, da 6 da za a mayar, asarar kusan 40 kowace. Wannan 344 ne cikin 500 da muka ware. Ragowar ta kayan da suka ɓace a hanya ce da ƙalubalen kati. Kayan da suka dawo lafiya amma ledarsu ta yage za a sayar da su da rangwame, a rubuta dalili a fili.

Kuɗin talla

Talla ce kaɗai kashe kuɗin da ba ta da birki sai wanda muka sa mata. A Facebook da Instagram gwanjo ake yi a kan idon mutane, farashi yana hawa lokutan da kowa ke talla. Alƙaluman da manhajarsu ke nunawa ma ba su cika ba, musamman tun 2021 da Apple ya ba masu iPhone damar hana bibiya. Don haka da littafinmu za mu yi awo: abin da muka kashe a mako, a raba da odar da ta isa aka biya. Burinmu 13. A 28 ribar ta ƙare ƙaf. Duk tallar da ta wuce 20 mako biyu a jere za a kashe ta, komai yawan masu yabawa a ƙarƙashinta. A watanni uku na farko mun yarda matsakaicin ya kai 20, lokacin da muke gwada hotuna da kalamai.

Tsarin tallar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, yana buƙatar sakamako kusan 50 a mako kafin ya daidaita, mu kuwa ba za mu sami ciniki 50 a mako da farko ba. Saboda haka za mu saita tallar a kan masu turo saƙo ta WhatsApp, waɗanda sun fi yawa, mutum ya amsa musu cikin minti goma a lokutan aiki. Bidiyo gajere na hannu yana shimfiɗa zanen a kan gado na gaske shi za mu fi amfani da shi.

Mafi arha cikin masu saye shi ne wanda ya taɓa saye. Da izininsa za mu riƙe lambarsa, mu tura masa saƙo sau ɗaya a wata, ba fiye ba. Muna so kafin ƙarshen shekara oda ɗaya cikin huɗu ta zama ta tsohon kwastoma.

Rahoto da sharaɗin tsayawa

Ranar 5 ga kowane wata mai jari zai sami rahoton shafi ɗaya: odar da ta isa, wadda aka ƙi, wadda aka mayar, kuɗin talla a kan kowace oda, da abin da ke asusu. Yana da ikon duba asusun shago a duk lokacin da ya so. Idan wata na tara ya zo ba mu kai oda 150 a wata ba, ko ajiyar ko-ta-kwana ta sauko ƙasa da 1,500, za mu dakatar da sayen sabbin kaya, mu uku mu zauna mu yanke ko a gyara ko a sayar da abin da ya rage a raba gwargwadon jarin kowa.