Allon Shagon Iro Tela

Alli ne ya fara jawo abin. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, keken aiki ya tsaya, Iro kan ɗauki allin da yake shata shadda da shi ya riƙa zane a bayan kwalin yadi. Wata rana ya zana mai shayin da ke gefen shagonsa a Ƙofar Marusa, ya ba shi kunnuwa kamar faifai. Mai shayi ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce a liƙa masa a teburi.

Da damina ta cinye tsohon allon shago, Iro ya sayi falle ɗaya na filawud da ƙananan gwangwanayen fenti huɗu. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki sai Iro ya roƙe shi hoto, idan ya yarda. Ya kan ajiye wayar a kan keke, ya daɗe yana kallon fuskar, yana neman abu ɗaya da ya fi fitowa a cikinta: wushirya, ko gemu, ko yadda mutum ke karya hula. Shi zai ƙara wa girma. Kai babba, jiki ɗan ƙarami, amma kayan da ke jikin sak yadda ya ɗinka su, har aikin wuya. Kafin azumi ya raba, fuska bakwai sun hau allo, masu Keke Napep na rage gudu suna nuna wa fasinja.

Ana saura kwana uku Sallah, Baba mai goro ya iso da sandarsa. Jikansa ne ya turo hotonsa. Baba ya tsaya gaban allon ya ɗaga kai, bai ce komai ba. Iro ya bar almakashi ya fito, gabansa na faɗuwa.

"Baba, ko hancin ne ya yi yawa? A gafarce ni, yanzu zan rage."

"Bar hanci, na gado ne, haka na ubana yake." Ya kai yatsa kuncinsa. "Ina tsagata, yaro?"

Iro ya sunkuyar da kai. Ya gan ta a hoton sarai, ya share ta da gangan, a zatonsa gyara ya yi.

"Duk gidanmu ni kaɗai na rage da ita," in ji Baba. "'Ya'yana ba a yi musu ba. In ka cire ta, wani ka zana."

Kaftani goma sha ɗaya na jiran maɓalli a ciki. Iro ya jawo benci ya zaunar da tsohon a inuwa, ya aro tsani wurin mai walda, ya tsoma siririn buroshi cikin baƙin fenti. Yana ja yana waiwaye, Baba na ƙirga masa daga ƙasa.

"Ta hagun ta fi tsawo. Wanzamin hannunsa ya goce, kada ka daidaita ta."