Bayanin Bibiyar Abinci a Tsarin SOAP: Hajiya Rabi, Mai Ciwon Suga

Ɗakin duba masu ciwon suga, Talata 14 ga Oktoba 2025. Zuwa na biyu. Na farko 15 ga Yuli. Mace, shekara 54, ciwon suga nau'i na 2 tun 2019, da hawan jini. Ta zo da 'yarta, wadda ita ke girki a gidan.

S: Abin da ta faɗa

"Ni fa na bi doka, Malama. Shinkafa na daina, suga ko a shayi ba na sawa, amma abin sai hawa yake." Tana fama da ƙishirwa, tana tashi fitsari sau uku ko huɗu a dare, tafin ƙafarta na yi mata zugi.

Abincin jiya: ba ta karya ba sai ƙarfe 11, da koko kofi babba da zuma cokali biyu da ƙosai biyar. Da rana faten acca, kwano cike. Da la'asar fura da nono. Da dare tuwon alkama malmala uku da miyar kuka. Da na tambayi dalilin malmala uku, ta ce a wurin biki aka gaya mata alkama da acca ba sa ɗaga suga, a ci a ƙoshi. Zumar ma a matsayin magani take shanta. 'Yarta ta ƙara da cewa ana shan lemon kwalba idan an yi baƙi, kuma gidan ba ya rabuwa da baƙi.

Tana haɗiyar magani da asuba ba ta ci komai ba. Sau biyu a watan jiya, ranakun azumin Litinin da Alhamis, jiri da gumi da karkarwa suka kama ta wajen azahar. Ba ta auna ba. Tana kuma shan jiƙon ganyen shuwaka. Ba ta tafiyar motsa jiki saboda ciwon gwiwa.

O: Abin da aka auna

Nauyi kilo 78 (79.5 a Yuli), tsayi mita 1.58, ma'aunin ƙiba na BMI 31.2, ƙugu santimita 101. Awon hawan jini 146/90. Suga kafin karin kumallo 11.4 mmol/L, abin da ake nema 4.4 zuwa 7.2. HbA1c, wato awon matsakaicin suga na kusan wata uku, 9.8%, daga 9.1% a Yuli. Ana neman ƙasa da 7%. A littafin awonta na gida sau shida kacal aka rubuta cikin wata uku, duk da safe, tsakanin 9.6 da 13.2. Maganin suga: metfomin miligiram 1,000 sau biyu a rana, gilibenkilamid miligiram 5 da safe. Na hawan jini: amlodifin miligiram 5.

A: Nazari

Suga bai daidaita ba, ya ma ƙara taɓarɓarewa. Ba taurin kai ba ne: ta canza irin hatsin ne ta bar yawansa. Alkama da acca sitaci ne kamar shinkafa, kuma zuma cokali babba ɗaya na ɗauke da suga kusan giram 17. Ga fura da koko da lemo, masu saurin shiga jini. Ganye da wake sun yi ƙaranci a kwanonta. Raguwar kilo ɗaya da rabi ba na ɗaukar ta ci gaba, don suga mai yawa shi ma yana ramar da mutum.

Abin da ya fi damuna shi ne jirin azahar. Ya yi kama da faɗuwar suga, kuma gilibenkilamid a cikin da babu abinci yana jawo haka.

P: Abin da aka tsara

Abinci sau uku a kan lokaci, karin kumallo kafin ƙarfe 8, a sha magani tare da shi. Tuwo kowane iri malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunta. Na nuna wa 'yarta da kwanon gwaji. Rabin kwano ya zama ganye: zogale, rama, alayyahu, kabeji, yalo. A haɗa da wake, alale, ƙwai ko kifi. Zuma da lemon kwalba a ajiye su. Fura mun yi ciniki, ta ƙi rabuwa da ita, mun tsaya a rabin kofi ba suga sau biyu a mako, a madadin tuwo. A rage gishiri da dunƙulen miya.

Ta dakatar da azumin nafila har ta ga likita. Idan jiri ya zo ta auna. Ƙasa da 3.9 ta sha suga cokali babba ɗaya a ruwa, ta sake aunawa bayan minti 15, sannan ta ci abinci.

Awon gida kwana uku a mako, da safe da kuma awa biyu bayan tuwon dare. Tafiya minti 10 a tsakar gida bayan cin abinci.

Na mayar da ita wurin likita yau kan gilibenkilamid, jiƙon shuwaka, hawan jini, duba ƙafa da ido da ƙoda. Dawowa 11 ga Nuwamba da littafin awo da 'yarta. A maimaita HbA1c a Janairu 2026, a tattauna azumin Ramadan tun kafin ya kama.

Sa hannu: Z. L., jami'ar kula da abincin marasa lafiya