Neman afuwa kan kuskuren takardar da na haɗa: gurbin mataimakiyar akanta

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe,

Da fatan an wuni lafiya. Ni ce Hadiza Sani, wadda ta turo takardar neman gurbin mataimakiyar akanta a ofishinku na Kano, jiya Talata da misalin ƙarfe 4 na yamma.

Da safiyar nan na koma duba saƙon, sai gabana ya faɗi: maimakon takardar tarihin karatuna da ayyukana, ashe wasiƙar da na rubuta wa wata ma'aikata daban na haɗa, har da sunansu a samanta. Sunayen takardun biyu sun yi kama a wayata, ni kuma ina sauri kada caji ya ƙare, na tura ban buɗe na tabbatar ba. Laifina ne, ba na kowa ba. Abin ya dame ni ƙwarai, musamman da yake aikin da nake nema na lissafi ne, inda ba a wasa da ƙaramin kuskure.

Don Allah a yi mini afuwa, a yi watsi da saƙon farko. Ga takardar da ta dace na haɗa, mai suna `Hadiza_Sani_CV.pdf`, tare da shaidar kammala hidimar ƙasa. Na buɗe kowace sau biyu kafin in turo.

Tunda sai Juma'a za a rufe karɓa, ina roƙon a duba wannan a madadin wancan.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Hadiza Sani