Dogon jimami da jimamin da aka saba: jawabi ga ma'aikatan lafiya

Abokan aiki, likitoci da ma'aikatan jinya, barkanmu da warhaka.

Bari in fara da mata biyu da na gani a mako guda. Ta farko wata huɗu da rasuwar mijinta. Tana kuka, barci ya yi ƙaranci, wani lokaci sai ta ji kamar muryarsa a ƙofa. Amma ta koma bakin aiki, kuma da ta ba ni labarinsa har da murmushi. Ta biyu ɗanta ne ya rasu a hatsarin mota wata 19 da suka wuce. Ɗakinsa yana nan yadda ya bar shi, ba ta bin hanyar da abin ya faru, ta ce mini rabinta aka binne tare da shi.

Ta farko ba ta da ciwo. Jimami ne, yana zuwa yana lafawa, kuma mafi yawan mutane haka suke farfaɗowa ba tare da mu ba. Ta biyu ce muka taru dominta.

Kundin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba ciwon dogon jimami lamba 6B42, ya sa sharaɗin aƙalla wata 6. DSM-5-TR, kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka na 2022, ya ce wata 12 ga manya, 6 ga yara. Kada ƙidayar watanni ta ɗauke mana hankali. Jigon abin shi ne kewa mai tsanani, ko tunanin mamacin da ya mamaye zuciya kusan kullum. DSM-5-TR yana neman ƙarin alamomi 3 cikin 8, irin su ƙin yarda an mutu, gudun duk abin da ke tunatarwa, kaɗaici, da jin rayuwa ba ta da ma'ana. Dole kuma ya hana mutum harkokinsa, ya zarce abin da addininsa da al'ummarsa suka san shi da jimami. Wannan sai an tambaya, ba a zato.

Inda muke yawan tuntuɓe shi ne ciwon damuwa. Mai ciwon damuwa komai ya fita ransa, yana ganin kansa ba shi da amfani. Mai dogon jimami kuwa raɗaɗinsa a kan mutum ɗaya yake kewayawa. Suna iya haɗuwa, amma maganin damuwa shi kaɗai ba ya warware jimamin. A gwajin da Katherine Shear ta jagoranta, wanda aka buga a 2005, zama 16 na tattaunawa da aka tsara don jimami ya taimaki kashi 51 cikin ɗari, tattaunawar da ake yi don ciwon damuwa kuwa kashi 28.

Ku fi sa ido ga wanda ya rasa ɗa ko abokin aure, da mutuwar fuju'a ko ta tashin hankali. Abin da nake roƙonku kuma, ku yi tambayar nan kai tsaye, cikin tausasa murya: "Kina jin kamar ki bi shi?" Matar nan ta biyu ta daɗe shiru, sannan ta ce eh. Ba ta bar asibiti ranar ba sai da muka tsara yadda za a kula da ita, da wanda zai zauna tare da ita.