Jagorar shimfiɗa zanen yankan kwalin kwalbar turare

Wannan bayani na masu zane ne da za su kawo aikin kwalin kwalbar humra ga maɗaba'armu a Sakkwato. Zanen yanka shi ne surar kwalin idan an warware shi a kan tebur, kuma da shi ake ƙera farantin katako mai wuƙaƙen ƙarfe, waɗansu masu kaifi domin yanka, waɗansu marasa kaifi domin danne wurin ninki. Da zarar an ƙera farantin, gyaran milimita ɗaya ma yakan jawo sabon kashe kuɗi, saboda haka awo shi ne farkon aiki, ado ya biyo baya.

Kwalbar da za a saka tana da faɗin milimita 50 ta kowane gefe da tsawon 120 har da murfinta. Sai a ƙara milimita 2 domin ta shiga ta fita ba tare da matsi ba, cikin kwalin ya zama 52 da 52 da 122. A jera bango huɗu gefe da gefe, a rage rabin milimita daga bangon ƙarshe domin bakinsa kada ya leƙo bayan an manna, sannan a ɗora murfin sama da na ƙasa, kowanne mai zurfin 52 da harshen sokewa na milimita 15. Ƙananan kunnuwa biyu da ke ƙarƙashin kowane murfi su ne ke hana ƙura shiga, kuma duk wanda ya san hazon hunturun garin nan ba zai raina su ba.

Layin yanka a zana shi miƙaƙƙe, layin ninki kuma a tsittsinke, kowanne da launinsa na daban. A ajiye su a leya guda mai suna `Dieline`, a kulle ta, kada a haɗa ta da hotuna, domin ba a so layukan su fito a jikin kwalin da aka buga. Takardar da ta dace ita ce mai nauyin giram 300 zuwa 350, kuma a shimfiɗa zanen yadda zaren takardar zai ratsa dogayen layukan ninki a kwance. A lokacin bushewar iska takarda takan tsage a bakin ninki, tsagar kuma ta fi bayyana a kan baƙi ko shuɗi mai duhu, don haka ina ba da shawarar lamineshan ga duk mai son irin waɗannan launuka.

Leɓen gam, wato ɗan ƙarin takardar da ke gefen bangon farko inda ake manna bangon ƙarshe, shi ne wurin da aka fi yi wa sakaci, alhali shi ke riƙe da kwalin gaba ɗaya. Faɗinsa ya zama milimita 15, a ɗan karkatar da bakinsa na sama da na ƙasa domin kada ya tokare murfi. A bar shi fari fes: babu tawada, babu banish, babu lamineshan, sai dai ɗan launin da ya ƙetaro daga bangon da ke maƙwabtaka da shi da milimita 3. Gam ba ya kama fuska mai santsi yadda ya kamata, kuma kwalin da ya yi wuni a cikin mota ko a rumfar kasuwa cikin zafin watan Afrilu, lokacin da awon zafi ke haura digiri 40, yakan buɗe da kansa idan mannewar ba ta da ƙarfi.

Game da iyakokin bugu, launin bango da hotuna su wuce layin yanka da milimita 3 ta kowane gefe, saboda takarda takan ɗan gota a cikin inji, kuma wannan rarar ce ke hana farin zare fitowa a bakin kwali. Rubutu, tambari, lambar rajistar NAFDAC da lambar sikanin kaya kuwa su ja da baya milimita 3 aƙalla daga layin yanka da kuma layin ninki. Mutane da yawa sukan kiyaye bakin yanka su manta da ninki, sai a ga sunan kaya ya karye a kusurwa. A kuma lura da fuskar rubutun murfi, domin abin da ya tsaya daidai a kwamfuta yana iya juyewa bayan ninkewa.

A turo fayil a tsarin launi na CMYK, hotuna a 300 dpi. A CorelDRAW a zaɓi dukkan rubutu a danna `Ctrl+Q`, wato `Convert to Curves`, domin haruffan ƙ, ɗ da ɓ sukan ɓace idan kwamfutarmu ba ta da irin rubutun da aka yi amfani da shi. Kafin a ƙera faranti, a buga zanen a ainihin girmansa, a yanke shi da hannu, a ninke, a saka kwalbar a ciki a rufe, sannan mai kaya ya sa hannu a kan samfurin.