Takardar Cikin Gida: Neman Amincewar Sayen Injin Fotokofi

Daga: Jami'in Mulki
Zuwa: Hajiya Shugabar Makaranta
Kwafi: Akanta, Jami'in Jarrabawa
Gombe, 13 ga Janairu, 2025

Ranki ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bisa umarnin da kika bayar a zaman ma'aikata na ƙarshen zango, na karɓo takardun farashi daga dillalai uku, kuma ina neman ki amince a sayi injin dillali na biyu.

A shekarar karatun da ta wuce mun yi fotokofin shafi kusan 60,000 a shagunan waje, a kan naira 40 kowane shafi, wato naira 2,400,000. Amma abin da ya fi damuna shi ne takardun jarrabawa. Masinja kan ɗauke su a babur zuwa Jekadafari, su wuni a kan teburin shago ana jiran wuta, kowa ya shigo idonsa a kansu. Ba na zargin kowa, sai dai tambayoyin jarrabawa bai kamata su bar harabar makaranta ba.

Duk farashin da ke ƙasa har da harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari. Ban sa kuɗin takarda a kwatancen ba, domin ko wanne aka saya rim 120 za a ci, naira 720,000 a shekara.

Dillali na farko, nan Sabon Layi, injinsa na hannu ne, naira 850,000, garantin wata ɗaya. Na je na gani. Yana bugu da kyau, amma da na ce a nuna mini lambar aikin da ya yi, ta haura shafi 400,000. Tonarsa naira 30,000 ce, tana yin shafi 6,000, kowane shafi ya tashi naira 5. Makanikin da na tafi da shi ya ce mu ware naira 300,000 duk shekara don gyara. A shekara uku ya kama naira 2,650,000.

Na biyu shi ma a Gombe yake. Sabon inji ne, naira 1,900,000, garantin shekara ɗaya, yana ɗaukar A4 da A3, yana kuma buga gaba da baya da kansa. Tona naira 45,000, shafi 15,000, wato naira 3 ke nan. Sabis kyauta ne a shekarar farko, daga nan naira 80,000 duk shekara, sai canjin diram sau ɗaya, naira 120,000. Jimillar shekara uku: naira 2,720,000.

Na uku daga Kano ne, sabo, naira 1,650,000 da kuɗin kawowa naira 60,000. A4 kawai yake yi, tonarsa naira 5 ce a shafi, kuma duk zuwan makaniki mu za mu biya mota da masauki, kimanin naira 150,000 a shekara. Jimilla naira 3,060,000. Wannan ban ba da shawararsa ba.

Na san Akanta zai ce na hannun ya fi sauƙi da naira 70,000, kuma kuɗin da za a fitar yanzu bai kai rabi ba. Haka ne. To amma naira 300,000 ɗin gyaran nan ƙiyasi ne, tana iya wucewa, alhali kuɗin na biyun a rubuce suke a takardar dillali. Bayan shekara uku kuma na hannun ya gama yayi, sabon yana da sauran ƙarfi. Araha ba ta ado. Ga shi aikinmu ba a shimfiɗe yake ba, mako biyu kafin jarrabawa ake yin mafi yawansa, kuma ta zangon farko tana faɗowa cikin hunturu, lokacin da ƙura ke shiga inji takarda ta riƙa maƙalewa. Idan ya tsaya a makon nan, sai mu koma shago da kuɗin gyara a wuya. Makanikin dillali na biyu yana cikin gari, kuma sun rubuta cewa zai zo cikin awa 24.

Dole a haɗa da sitabilaiza, naira 120,000, domin garantin bai shafi ƙonewa saboda hawa da saukar wuta ba. Abin da nake nema gaba ɗaya naira 2,020,000 ne. Takarda, tona da man janareto, wanda na ƙiyasta naira 150,000, za su ci naira 1,050,000 a shekarar farko, ragin naira 1,350,000 ke nan a kan abin da muke biya a waje. Cikin shekara ɗaya da rabi injin ya mayar da kuɗinsa.

Ina ba da shawarar a ajiye shi a ofishin jarrabawa, a rufe shi da mayafi idan an tashi, mutum ɗaya ya riƙe makulli da littafin rubuta adadin shafi. Farashin dillalin na kwana 14 ne, zai ƙare ranar 24 ga wannan wata, don haka ina roƙon a yanke shawara kafin nan. Takardun farashin uku suna haɗe da wannan.

Na gode, ranki ya daɗe.

Jami'in Mulki